Yadda ake rubuta takardar wa'adi ga wanda ya riƙe maka kuɗin kaya

Ɗan kasuwar Tawa da ya ɗora albasar Galmi a kamyo ya tura wa abokin cinikinsa a Yamai, ranar biya ta wuce bai ga kuɗi ba, yana da takardu iri biyu da zai iya aikawa, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko tuni ce, ko ƙorafi: kana sanar da mutum cewa akwai matsala, kana neman ya gyara. Ta biyu ita ce takardar wa'adi, wadda masu shari'a a Nijar ke kira mizandimer: kana faɗa masa abin da kake binsa daidai, kana yanka masa ranar ƙarshe, kana sanar da shi abin da za ka yi idan ranar ta wuce. Mutane da yawa suna cakuɗa su. Wani ya buɗe magana da barazanar kotu tun kiran farko, ya ɓata cinikin shekara goma a kan jinkirin mako guda. Wani kuma ya yi shekara biyu yana tura saƙon "don Allah Alhaji a duba mu", har lokacin da doka ta ba shi na kai ƙara ya ƙare yana jira.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ka sayar da buhu 200 na albasa, kowane buhu a kan sefa 15,000, jimla 3,000,000. Kaya sun sauka a Yamai ranar 10 ga Maris 2025, da sharaɗin biya cikin kwana 30, wato zuwa 9 ga Afrilu. Mai sayen ya turo 1,000,000 ranar 20 ga Maris. Ya yi kukan cewa buhu 10 sun iso a ruɓe, ka yarda ka sauke masa 150,000. Ranar 2 ga Mayu ya ƙara turo 500,000, daga nan wayarsa ta daina shiga sai jefi-jefi. Abin da ya rage maka a hannunsa 1,350,000 ne.

Tuni na farko

Kada ka tsallake wannan mataki. Sau da yawa jinkiri ba mugunta ba ce: shi ma wani ne ya riƙe masa, ko yaron shagonsa bai shigar da lissafi ba, ko kuma yana ganin buhunan da suka ruɓe sun fi goma bai samu bakin faɗa ba. Tuni shi ke fito da irin wannan. Harshensa mai laushi ne, yana iya ƙarewa da tambaya, ba ya buƙatar wa'adi mai tsauri, kuma ba a ambaton alƙali a cikinsa. Ga yadda zai iya kasancewa, ranar 15 ga Afrilu:

"Salamu alaikum Alhaji, ina fatan kuna lafiya da iyali. Ina tuna muku sauran kuɗin albasa buhu 200 da aka sauke muku ranar 10 ga Maris. A lissafina, bayan miliyan ɗaya da kuka turo da 150,000 na buhunan da suka lalace, saura 1,850,000, kuma ranar biya ta wuce tun 9 ga wata. Ku duba ko lissafinmu ya zo ɗaya, ku sanar da ni ranar da zan sa rai."

Abu ɗaya nake roƙon ka a nan: ko da ka kira shi ta waya, ka bi kiran da rubutu, ko da saƙon WhatsApp ne, kuma kada ka goge amsarsa. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka rattaba hannu a kan yarjejeniyarta tun 1993, ta yarda a kafa hujjar ciniki a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura. Idan ya aiko da saƙon murya yana cewa "wallahi na san da kuɗinka, ka ba ni bayan Salla", wannan saƙon ya fi maka shaida uku da suka ji a tasha, domin shi da bakinsa ya amsa bashin.

Ga wanda ke ɗaya ɓangaren, wato mai saye, ƙorafin farko yana da nasa lokacin. A cinikin da ke tsakanin ƴan kasuwa biyu, aibin da ake iya gani ranar karɓar kaya dole a sanar da mai sayarwa cikin wata guda bayan an sauke, in ba haka ba hakkin yin magana a kansa ya faɗi. Saboda haka idan abokin cinikinka ya tashi a watan Yuni ya ce ai rabin albasar Maris a ruɓe take tun ranar da aka sauke ta, alhali a lokacin buhu goma kawai ya ambata, doka ba ta tare da shi.

Yaushe ake wucewa zuwa takardar wa'adi

Idan ka yi tuni sau ɗaya ko biyu, ka sa dillalin da ya haɗa ku ya yi magana, ko shugaban ƴan albasa na kasuwarsu, amma abin da ke zuwa alkawari ne bayan alkawari, lokaci ya yi. Kafin ka ɗauki alƙalami ka tabbatar da abu uku, domin su ne alƙali zai duba daga baya: bashin tabbatacce ne, adadinsa sananne ne, kuma ranar biyansa ta riga ta wuce. Takardar wa'adin da aka aika kafin ranar biya ba ta da wani ƙarfi. Haka nan ka duba naka ɓangaren: idan an yi da kai buhu 200 ka kai 180, ka daidaita wannan tukuna.

Me takardar ke canzawa a idon doka? Kafin ta, mutumin ya makara ne kawai. Bayan ta, an kafa masa hujjar cewa an nema bai biya ba. Kundin dokar farar hula da ake aiki da shi a Nijar, a sashe na 1146, ya ce diyyar rashin cika alkawari ba ta hawa kan mutum sai an sa shi cikin wa'adi, sashe na 1139 kuma ya nuna cewa ana yin haka da takardar wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai isar da takardu, ko wata takarda mai kama da ita, ko kuma idan yarjejeniyar da kanta ta ce wucewar ranar ya wadatar. A cinikin ƴan kasuwa, sashe na 291 na dokar kasuwancin OHADA, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ya ce kuɗin jinkiri yana fara hawa ne daga ranar da mai sayarwa ya aika takardar wa'adi ta wasiƙa mai rajista da shaidar karɓa, ko wata hanya daidai da ita. Tuni goma na baki ba sa fara wannan ƙidaya.

Na san da yawa daga cikinmu ba sa taɓa kuɗin jinkiri saboda gudun riba, kuma babu wanda zai tilasta maka nemansa. Idan ba ka so, ka bar layin daga takardarka, ka nemi uwar kuɗinka kawai. Takardar ba ta rage amfani ba don haka. Wanda kuma yake so ya sani cewa ba shi ke yanka adadin da ransa ba: idan ba a rubuta wani abu a yarjejeniya ba, ma'aunin da hukuma ke fitarwa kowace shekara ake bi. A ƙaddara ma'aunin 5 cikin ɗari ne, to a kan 1,350,000 abin da zai hau a shekara guda 67,500 ne, ba rabin miliyan da wasu ke rubutawa don tsoratarwa ba.

Abin da dole ya fito a cikin takardar

Fara da su wane ne ku. Cikakken sunanka, sana'arka, inda kake a Tawa da lambar wayarka. Sannan cikakken sunansa kamar yadda yake a katin shaidarsa, da wurin da ake samunsa. A kasuwa mun saba da laƙabi, mutum ya yi shekara ashirin ana kiransa da sunan garinsu ko na kayan da yake sayarwa, amma ba a kai laƙabi kotu. Ka nemo sunan gaskiya, daga rasidin turo kuɗi ko daga wata tsohuwar faktir, in ka so ka ƙara "wanda aka fi sani da" a bayansa. Idan kuma da kamfani ka yi ciniki, sunan kamfanin za ka rubuta da adireshin hedikwatarsa, a miƙa ga shugabansa, ba ga yaron da ya karɓi kaya ba. Takardar da aka aika wa wanda ba shi ake bi ba, kamar ba a aika ba ce.

Sai kwanan wata da wurin da aka rubuta, sai kanun takarda. Da yake takardun da ke shiga kundin kotu da Faransanci ake rubuta su, ka sa wanda ya iya ya buga maka ita da Faransanci, kanunta ya zama `Mise en demeure de payer` ƙarara, don kada gobe ya ce ya ɗauka gaisuwa ce. Idan ka san mutumin Hausa ko Zabarmanci yake ji, ka haɗa da fassara, ko ka bi takardar da saƙon murya mai faɗin abin da ke ciki. Kai ma kada ka sa hannu a kan abin da ba a karanta maka layi-layi ba.

Daga nan sai asalin bashin, a taƙaice kuma bi da bi: wane kaya, nawa, a kan wane farashi, yaushe aka sauke, wa ya karɓa, wace rana aka yi za a biya. Nan ba wurin ba da labarin yadda kuka saba tun zamanin mahaifinsa ba ne, ba kuma wurin faɗin baƙin cikinka ba. Ka rubuta kamar wanda zai karanta bai taɓa jin sunan ɗayanku ba, domin gaskiyar magana mai karatu na biyu alƙali ne.

Lissafi shi ne inda na fi son ka daɗe. Kada ka rubuta "sauran kuɗina". Ka jera jimlar farko, ka cire duk abin da ya biya da ranar da ya biya, ka cire abin da ka sauke masa, ka fitar da saura. Akwai jarabar ɓoye wani biyan ko mantawa da rangwamen buhu goma don adadi ya yi kauri. Kada ka yi. Ranar da ya fito da rasidin 500,000 da ba ka ambata ba, duk takardarka ta zama abin tuhuma, bashin da yake tabbatacce ya koma abin jayayya, kuma ka ba shi abin da yake nema, wato dalilin jan lokaci. Sannan ka rubuta adadin da sefa, da lambobi da kuma haruffa. A bakin kasuwa muna ƙirga da dala da jika: wanda ya ce "ɗari" sefa 500 yake nufi, jika kuma sefa 1,000. Wannan ƙirgen yana da kyau a ciniki, amma a takarda yana haifar da musu. Ka sa 1,350,000, ka rubuta "sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da hamsin", ka tabbatar lambobi da haruffa sun zo ɗaya.

Bayan lissafi sai buƙata, kuma da harshen umurni. A tuni ka ce "ku duba", a nan za ka ce "ina neman ku biya". Buƙata guda ɗaya bayyananniya. Kada ka rubuta "ku biya, ko ku maido kaya, ko mu zauna mu ga yadda za a yi", domin ka buɗe masa ƙofa uku ya zaɓi wadda ba ta kai ko'ina. Ka kuma faɗi yadda za a biya: lambar asusun banki, ko sunan da za a tura wa ta kamfanin aika kuɗi, ko hannu da hannu tare da rasidi.

Sai wa'adi. "Cikin gaggawa" ba wa'adi ba ne, "nan ba da jimawa ba" ma haka. A irin wannan bashi doka ba ta yanka adadin kwanaki ba, abin da ake so ya zama lokacin da mai hankali zai iya biya a cikinsa, kuma abin da aka saba shi ne kwana 8 ko kwana 15. Ka faɗi daga yaushe ake ƙirgawa: daga ranar da ya karɓi takarda. Idan takardarka ta 16 ga Yuni ta shiga hannunsa ranar 18, wa'adin kwana 8 zai cika ranar 26 ga Yuni. Wa'adin awa 24 a kan miliyan da wani abu yana nuna fushi ne kawai, kuma alƙali na iya ganin ba ka ba shi dama ta gaskiya ba. Idan yarjejeniyarku a rubuce take kuma ta faɗi nata wa'adin da hanyar sanarwa, ita za ka bi.

Na ƙarshe a jikin takardar shi ne abin da zai biyo baya. Ka faɗi matakin da doka ta ba ka kuma kake da niyyar ɗauka: kai magana gaban kotun da ta dace don neman umurnin biya, tare da kuɗin da shari'ar za ta ci. Ka tsaya nan. Kada ka rubuta cewa za ka sa a kulle shi a kwamisariya, domin rashin biyan bashin ciniki shi kaɗai ba laifin ɗauri ba ne, sai in akwai zamba ko cin amana, waɗannan kuma wata hanya ce daban. Kada ka ce za ka turo yara su kwashe kayan shagonsa: kama dukiyar mutum aikin wisiye ne, bisa takardar da doka ta ba ƙarfi. Kada ka yi barazanar watsa hotonsa a dandalin ƴan kasuwa da sunan ɓarawo, domin dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna ta na'ura, sai ka wayi gari kai da kake bin bashi kai ne ake ƙara. Zagi ma haka. Duk kalmar da ka rubuta, wata rana za a iya karanta ta a gabanka cikin kotu.

Ka rufe da sa hannu, da hatimin shago in kana da shi, ka jera kwafin takardun da ka haɗa: faktir, takardar saukar kaya, rasidan biyan da ya yi, hoton saƙonnin tuni. Kwafi kawai. Na asali su zauna a wurinka, domin su kotu za ta nema.

Ga yadda jikin takardar zai kasance a misalinmu, kafin a juya ta zuwa Faransanci:

"Tawa, 16 ga Yuni 2025. Alhaji, ranar 10 ga Maris 2025 na sauke muku buhu 200 na albasa a shagonku da ke Yamai, kowane buhu a kan sefa 15,000, jimla sefa 3,000,000, bisa sharaɗin biya zuwa 9 ga Afrilu 2025. Kun biya 1,000,000 ranar 20 ga Maris da 500,000 ranar 2 ga Mayu. Na sauke muku 150,000 saboda buhu 10 da suka lalace. Saura sefa 1,350,000, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari uku da hamsin. Na tuna muku a rubuce ranar 15 ga Afrilu da ranar 12 ga Mayu, har yau ba a biya ba. Da wannan takarda ina neman ku biya wannan kuɗi gaba ɗaya cikin kwana 8 daga ranar da kuka karɓe ta, ta asusun da ke ƙasa. Idan wa'adin ya cika ba a biya ba, zan kai magana gaban kotun da ta dace don neman umurnin biya, tare da kuɗin shari'a, ba tare da wata sanarwa ba. Ku huta lafiya."

Ka lura ba ta kai shafi guda ba, kuma har yanzu "ku" ake ce masa. Girmamawa ba ta rage mata ƙarfi da komai ba.

Isar da ita

Takardar da ba za ka iya nuna cewa ta isa ba, rabin aiki ce, kuma a nan ne aka fi yin asara. Ba direban kamyo ambulan ka ce ya miƙa wa Alhaji ba isarwa ba ce, domin gobe zai ce bai gani ba, direban kuma yana hanyar Agadas.

Hanya mafi sauƙi ita ce hannu da hannu da kwafi biyu. Wakilinka ya kai masa, ya karɓi ɗaya, a kan ɗayar ya rubuta cewa ya karɓa, da kwanan wata, da sunansa, da sa hannu ko hatimi. Wannan kwafin shi ne dukiyarka. Matsalarta ɗaya: wanda ya san abin da ke ciki yana iya ƙin sa hannu. Hanya ta biyu wasiƙa mai rajista ta gidan waya, mai ɗauke da katin shaidar karɓa da ke dawo maka. Tana aiki sosai ga kamfani ko ma'aikata mai akwatin gidan waya, amma ga ɗan kasuwar da adireshinsa "bayan masallaci, layin ƴan albasa" ne, wasiƙar na iya kwana a akwati ba mai ɗauka.

Saboda haka a kan kuɗi mai nauyi irin wannan ni wisiye nake ba da shawara, kuma wanda ke aiki a Yamai inda mutumin yake. Wisiye ma'aikacin shari'a ne mai rantsuwa. Zai je da kansa, ya rubuta rana da wanda ya tarar, ko mutumin ya ƙi karɓa ya rubuta cewa ya ƙi, kuma abin da ya rubuta hujja ce mai wuyar rushewa. Kana iya neman ya yi masa tambaya ya rubuta amsarsa a cikin takardar. Idan ya ce "na san da bashin, ina neman wata biyu", ka samu amsa bashi a rubuce ta hannun ma'aikacin shari'a. Ka tambayi kuɗin aikin tun kafin ya fita, ka karɓi rasidi. Bayan haka babu laifi ka tura hoton takardar ta WhatsApp, a matsayin ƙari, ba a madadin isarwa ba.

Bayan wa'adi

Amsa takan zo iri uku. Ko ya biya, ka ba shi rasidin da ke cewa bashi ya ƙare. Ko ya nemi a raba masa biya, wanda sau da yawa ya fi shari'a alheri, amma kada ka karɓa da baki: a rubuta cewa ya amsa ana binsa 1,350,000, zai biya 450,000 sau uku a ranaku kaza, kuma in ya saɓa ɗaya sauran duka sun zama na biya nan take, ya sa hannu gaban shaidu. Idan a gaban mai unguwa ko sarki aka yi sulhun, ka nemi a ba ka takardar sulhu. Ko kuma ya yi shiru.

Idan ya yi shiru, ka yi abin da ka ce. Takardar wa'adi ta biyu da ta uku, kowace da "wannan ne karo na ƙarshe", suna koya masa cewa maganarka ba ta da cizo. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan: takardar wa'adi ba ta tsayar da lokacin da doka ta ba ka na kai ƙara. A cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa lokacin shekara 2 ne, a sauran basussukan kasuwanci kuma shekara 5, sai in wata doka ta rage. Abin da ke katse wannan ƙidaya ya sa ta fara daga farko shi ne mutumin ya amsa bashin, ko ka shigar da ƙara, ko a zartar da kamun dukiya. Mai albasar da ranar biyansa ta kasance 9 ga Afrilu 2025, ya ɗauki Afrilun 2027 a matsayin iyakarsa, kada ya jingina da tarin wasiƙun da ya aika.

Hanyar da aka tanada don irin wannan bashi ita ce neman umurnin biya, ƙarƙashin dokar OHADA ta karɓar bashi a sauƙaƙe, wadda aka yi a 1998 aka sabunta a 2023, sabuwar ta fara aiki a Fabrairun 2024. Ana shigar da buƙatar ne a kotun inda wanda ake bi yake zaune, wato a misalinmu Yamai, inda akwai kotun kasuwanci, ba Tawa ba, sai in yarjejeniyarku ta zaɓi wani wuri. Alƙali yana duba takardu ne ba tare da an kira ɗaya ɓangaren ba, kuma abin da yake nema shi ne lissafi dalla-dalla da hujjojinsa, wato daidai abin da ka riga ka tsara a takardar wa'adi. Idan ya ba da umurnin, dole a isar wa mutumin cikin wata 3, in ba haka ba umurnin ya mutu. Shi kuma yana da kwana 10 ya yi jayayya, a tsohuwar dokar kwana 15 ne, don haka kada ka bi lissafin wanda ya yi shari'arsa shekarun baya. Idan bai yi jayayya ba, sai ka nemi a sa wa umurnin hatimin zartarwa, daga nan wisiye ya iya kama dukiya.

Gargaɗi guda ga wanda zai ɗauki wannan samfurin ya yi amfani da shi a kan ɗan hayar shago ko magaza: a can kwana 8 ba ya aiki. Sashe na 133 na dokar kasuwancin ya ce kafin mai gida ya nemi kotu ta raba haya ta fitar da ɗan haya, dole takardar wa'adi ta ambaci sharaɗin da aka saɓa, ta kuma sanar da shi cewa yana da wata guda daga ranar karɓa, in bai gyara ba za a kai magana kotu don raba hayar da fitar da shi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, takardar ta rushe, sai mai gida ya sake aika wata ya sake jiran wata guda cur.